Yadda Ake Gina Wasan Rediyo Da Hausa Tun Daga Tushe, Maimakon Fassaro Shi Daga Turanci

Mai sauraron rediyo a ƙasar Hausa ba ya buƙatar a gaya masa cewa sanarwa kaza fassararriya ce. Kunnensa ne ke gaya masa. Zai ji uwa ta ce wa ɗanta ya "ɗauki" maganinsa sau uku a rana, alhali Bahaushe shan magani yake yi. Zai ji an ce wane ya "kama" mura, alhali mura ce ke kama mutum. Zai ji mace ta kira mijinta da sunansa na yanka a gaban surukarta, ba wanda ya ce uffan. Kalmomin duka na Hausa ne, amma mutanen da ke furta su ba su yi kama da kowa da ya sani ba. Daga nan sai ya daina sauraron abin da ake faɗa, ya koma sauraron yadda ake faɗarsa, kuɗin da aka kashe wajen sayen lokaci a tasha kuwa sun riga sun tafi.

Mafi yawan gajerun wasannin wayar da kai da ake sakawa a gidajen rediyo, na lafiya ne ko na noma ko na zaɓe, da Turanci ake fara tsara su. Hukuma ko ƙungiya takan rubuta wasan a ofishinta, shugabanni su amince da shi, sannan a raba wa masu fassara na Hausa da Yarbanci da Ibo, a ce kada su sauya komai. Wannan umarni na ƙarshe shi ne tushen matsalar. Hanyar da ƙwararrun marubuta ke bi ta sha bamban da haka: sukan karɓi manufar wasan daga takardar Turancin, su ajiye takardar, su gina sabon wasa daga cikin rayuwar masu sauraro.

Wannan ba sabon tunani ba ne a rubutun Hausa. Ofishin da Turawan mulki suka kafa domin samar da littattafan karatu ya fara ne da sunan hukumar fassara, kafin a sauya masa suna zuwa hukumar talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East. Gasar da ofishin ya shirya a 1933 ita ta haifar da littattafai irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shehu Umar. Bayan haka Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Sanannen abu ne cewa da yawa daga labaran littafin an samo asalinsu ne daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, amma Imam ya ba su sarakuna da fadawa da kasuwanni da bakin magana na ƙasar Hausa, har yawancin waɗanda suka karanta shi a makaranta ba su taɓa zaton labaran baƙi ba ne. Abin da ya ɗauko ƙashin labari ne. Naman kuwa a gida ya samo shi.

Domin a ga yadda aikin yake a zahiri, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce wata hukuma tana son sanarwa ta minti ɗaya, wadda za ta ja hankalin ƙananan manoma kada su sayar da dukan amfanin gonarsu da zarar an yi girbi, lokacin da hatsi ya cika kasuwa farashi ya faɗi, sannan su dawo suna sayen abinci da tsada idan damina ta yi nisa. A wasan da aka rubuta da Turanci, manomi ya sayar da masararsa duka ya sayi sabuwar waya. Matarsa ta kira shi da irin sunan soyayyar da Turawa ke yi, ta tuna masa cewa ta gargaɗe shi ya yi ajiya. Karin maganar da ta yi amfani da shi, idan aka bi shi kalma da kalma, cewa yake a yi tanadi domin ranar da za a yi ruwan sama. Tana rufe baki sai aka ji tsawa, ruwa ya kece, rufin ɗaki ya fara yoyo a kansu. A nan ake son mai sauraro ya yi dariya, domin karin maganar ya zama gaske.

Da Turanci abin yana aiki. A wurin Bature ranar ruwa ranar takura ce, shi ya sa ta zama kwatancen lokacin wahala. Amma a gaya wa manomin Funtuwa ko na Gumel ya yi tanadi domin ranar ruwa, sai ya yi mamaki, domin ranar ruwa ita ce ranar da yake roƙon Allah ya kawo. Idan ta yi jinkiri har fita ake yi roƙon ruwa. Saboda haka fassarar kai tsaye ta juya ma'anar gaba ɗaya, kuma tsawar da aka sa a ƙarshe, wadda ya kamata ta zama abin dariya, mai sauraro zai ji ta ne a matsayin rahama ta sauka. Mai fassara mai lura zai iya gyara rabin ɓarnar ya ce "tanadi saboda ɓacin rana", wanda Hausa ce tsantsa. To amma da zarar ya yi haka, ruwan da ke zuba a ƙarshen wasan ba shi da sauran dalili. An ceto ma'ana, an rasa dariya. Wannan shi ne iyakar abin da fassara za ta iya yi, komai ƙwarewar mai yin ta.

Marubucin da zai fara daga tushe yakan soma da tambayar abin da kowane ɓangare na wasan Turancin yake yi. A misalinmu amsar gajeriya ce. Akwai wanda ya yi kuskure, akwai wanda ke da damar faɗa masa gaskiya ba tare da an yi faɗa ba, akwai dariya wadda ke sa gaskiyar ta haɗiyu, akwai kuma shawara guda da ake son ta zauna a kan mai sauraro. Waɗannan su yake rubutawa a takardarsa, da Hausa, a layi huɗu ko biyar. Ya kuma ware abubuwan da ba shi da ikon taɓawa, kamar adadi ko sunan shiri ko wurin da za a je neman bayani. Daga nan takardar Turancin ta gama aikinta. Waɗanda suka daɗe a sana'ar sukan ba da shawarar a rufe ta a ajiye nesa, domin muddin tana gaban mutum, jimlolinsa za su riƙa bin sawun nata ko da bai yi niyya ba.

Tambaya mafi nauyi ita ce ta biyu: wa zai faɗa masa gaskiya? Marubucin Turancin ya zaɓi matar aure, domin a al'adar da ya rubuta dominta, zolaya tsakanin miji da mata ita ce hanya mafi sauƙi ta samar da dariya. A gidan Bahaushe na karkara mace tana iya faɗa wa mijinta gaskiya, tana ma faɗa, amma ba da wannan sigar ba. Ba ta kiran sunansa. Takan ce Malam, ko Maigida, ko Baban wane. Idan ta yi masa ba'a a kan gazawarsa ta ciyar da gida, kuma a rediyo inda kowa ke ji, maza da yawa za su ji abin a matsayin cin fuska, su goyi bayan mijin, alhali shi ne wasan ke son su gane ya yi kuskure. Idan kuma aka sassauta maganarta ta koma lallashi, dariyar ta sake gudu.

A nan ne al'adar Hausa ke ba marubuci abin da Turanci ba shi da shi. Bahaushe ya riga ya tanadi mutanen da aka yarje wa su yi wa juna tsiya. Akwai wasan taubasai tsakanin ɗan mace da ɗan namiji. Akwai wasan garuruwa da na ƙabilu, irin na Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa. Akwai kuma wasan kaka da jika, inda kaka mace ke kiran jikanta namiji mijinta, kaka namiji kuma ya kira jikarsa amaryarsa. A cikin irin wannan dangantaka ana faɗar magana mai zafi, a yi dariya, ba wanda ya ji an ci mutuncinsa. Mai sauraro ba ya buƙatar bayani. Da ya ji tsohuwa ta ce "angona", ya san irin hirar da za a yi, har ya fara murmushi tun ba a faɗi komai ba.

Saboda haka marubucinmu ya sauke matar, ya ɗora kaka. Ya kuma matsar da lokacin wasan zuwa tsakiyar damina, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare a yawancin gidaje sabo kuwa bai nuna ba. Da ya yi haka sai harshen da kansa ya miƙo masa kyauta: kalmar kaka tana nufin mahaifiyar uwa ko ta uba, tana kuma nufin lokacin girbi. Ga irin abin da zai iya fitowa:

(Ƙarar daka a turmi.)

SALE: Salamu alaikum. Amarya, ana ta aiki?

IYA: Wa alaikumus salam. A'a, angona ne da kwano a hannu? Ina ce kai ne ka ce bana kaka ta gama maka komai?

SALE: Ai kuwa ta gama mini, Iya.

IYA: Wace kakar? Wadda ta cika maka rumbu ka kwashe ka kai kasuwa, ko wadda ka zo yanzu ta auna maka?

SALE: Haba Iya, waya fa na saya. Har hoto take ɗauka.

IYA: Madalla. To ɗauki hoton tuwon nan ka kai wa yara su ci.

(Dariyar mata daga cikin gida.)

SALE: Na dai ji. Baɗi in Allah ya kai mu, sai na ware na ci da na iri kafin buhu ɗaya ya fita.

IYA: Kawo kwanon. Miji dai har miji, sai dai ba hatsi.

Babu jimla ko ɗaya a nan da ta fito daga takardar Turancin, amma duk abubuwan da aka rubuta a layukan nan huɗu suna ciki. Wayar ma ta tsira, har ta samu aikin da ba ta da shi a da. A lura kuma da wanda ya furta shawarar. Ba Iya ce ta yi wa'azi ba, Sale ne ya faɗa da bakinsa, kuma ya faɗe ta yadda manomi ke lissafi, na ci da na iri, ba yadda takardar ofis ke lissafi ba. Haka nan Iya ba ta hana shi hatsin ba. Da ta kore shi hannu wofi, da masu sauraro sun ji haushinta, domin kaka ba ta yin haka, kuma da wasan ya ƙare da ɗaci.

Wani zai tambaya me ya sa ba a saka karin magana ba, tunda akwai irin su "don tuwon gobe ake wanke tukunya" da za su iya shiga. Ana iya sakawa, amma a nan sababbin marubuta suka fi yin tuntuɓe. Da yawa suna ɗauka cewa mayar da rubutu Hausa yana nufin a cire karin maganar Turanci a cusa na Hausa a gurbinsa, sai ka ji wasan minti ɗaya ɗauke da karin magana uku, kamar ana gasar makaranta. Mutane ba sa magana haka. Ban da wannan, karin magana yana da mai faɗarsa. Daga bakin Iya zuwa ga Sale daidai ne. Daga bakin Sale zuwa ga mahaifinsa rashin kunya ne. A ra'ayina, idan habaici ko gatse ya riga ya yi aikin, kamar yadda maganar hoton tuwo ta yi, ƙara karin magana a kai nauyi ne kawai.

Batun gaisuwa ma yana buƙatar dabara. Wasan Turanci yana iya farawa da mutum ya shigo ya faɗi abin da ya kawo shi. Bahaushe ba ya shiga gida haka, kuma cikakkiyar gaisuwa, da tambayar kwana da gajiya da iyali, tana iya cinye kashi mai yawa na minti ɗaya. Mafita biyu ce. Ko dai a bar sallama da amsarta kawai, a ɗora zolayar a kansu kamar yadda aka yi a sama, ko kuma a buɗe wasan a tsakiyar hira, yadda mai sauraro zai ɗauka an riga an gaisa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne baƙo ya shigo ba sallama, sai fa idan rashin sallamar shi ne abin da ake son a lura da shi.

Wannan ya kawo mu ga tsawon magana. Sau da yawa abin da Turanci ya faɗa da kalma ɗaya, Hausa sai ta yi amfani da biyu ko uku, kamar allurar rigakafi ko asusun ajiya ko katin zaɓe. Idan aka fassara wasan da aka auna shi daidai minti ɗaya da Turanci, yakan zarce. Abin da ke biyo baya a ɗakin ɗaukar murya sananne ne: a ce wa 'yan wasa su ƙara sauri. Sauri kuwa shi ke kashe ban dariya, domin dariyar maganar Iya tana cikin ɗan shirun da za ta yi kafin ta ce ya ɗauki hoton tuwo. Wanda ya rubuta da Hausa tun farko yana karantawa da ƙarfi da agogo a gabansa, yana yanke abin da ya yi yawa tun a takarda, ya bar wa shirun wurinsa.

Takardar da za a miƙa wa 'yan wasa ita ma tana da nata tarko. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa "gari" ke iya zama birni ko abin tuwo, "kuka" ke iya zama itace ko hawaye. Idan aka ƙara da sakacin barin haruffa masu ƙugiya, sai "baƙi" ya koma "baki", "ƙafa" ta koma "kafa". Ɗan wasa da ke karantawa a karon farko zai yi tuntuɓe a irin waɗannan wurare, ko ya furta wata kalma dabam ba tare da ya lura ba. Marubuci nagari yakan sa ƙugiyoyin duka, ya kuma gina jimlar yadda kalmar da ke gaba za ta fayyace wadda ake nufi, sai dai inda ruɗanin da gangan ne, kamar na kaka. Akwai kuma abin da Turanci ke ɓoyewa: kalmarsa ta "kai" ba ta bambanta mace da namiji, ba ta bambanta ɗaya da yawa. Hausa dole ta zaɓa. Muryar da ke rufe sanarwa za ta ce "ka ware", ko "ki ware", ko "ku ware", ko "a ware"? Idan ta ce "ka", ta fitar da matan da su ne ke riƙe da hatsin gida a wurare da yawa. Wannan shawara ce ta marubuci, kuma gara a yanke ta tun kafin a fara rubutu.

Game da ban dariya, tarihin wasan kwaikwayon Hausa ya nuna inda ƙarfinsa yake. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne, kuma abin da ya sa Samanja ya shiga ran mutane shi ne Hausar barikin da yake yi, wadda ta cakuɗe da gurɓataccen Turanci da tsawar fareti. Babu takardar Turancin da za a fassara ta haifar da wannan, domin abin dariyar yana cikin yadda Hausar kanta ke fita. Haka yawancin ban dariyar Hausa yake: yana rataye ne a kan wane ne ke magana, da wa yake yi, kuma da wane irin baki.

Sai dai wannan ƙofa tana da iyaka, musamman ga abin da za a watsa a faɗin ƙasa. Wasan Bafulatani da Babarbare abin sha'awa ne a tsakaninsu, domin kowa ya san zai rama. Idan aka ɗauko ɓangare ɗaya kawai, aka sa wata ƙabila ta zama ita ce wawa a sanarwar hukuma, ba wasa ba ne kuma, kuma masu jin Hausa a Jos ko Legas ko Fatakwal ba duka ne suka tashi cikin wannan al'ada ba. Haka batun kwaikwayon karin harshen wani yanki domin a yi dariya, ko yi wa mai lalura ba'a. Dalili ke nan da ya sa kaka da jika suka fi aminci a misalinmu: kowane gida yana da su, ba kuma wanda zai ce da mutanensa ake.

Kafin a kai wasa tasha, gwaji mafi amfani shi ne a kunna wa mutane kaɗan irin waɗanda aka yi shi dominsu, ba ma'aikatan ofis ba, ba tare da an yi musu wani bayani ba. A lura da inda suka yi dariya da inda suka yi shiru. Sannan a ce su ba da labarin abin da suka ji. Idan suka ce "wani ne ya sayar da hatsinsa duka ya koma roƙon kakarsa", saƙo ya isa. Idan abin da suka riƙe hoton tuwo ne kawai, ba su tuna na ci da na iri ba, dariyar ta danne shawarar, sai a ƙara wa layin Sale na ƙarshe nauyi ko a maimaita shi a muryar rufewa. Idan kuwa wani ya maimaita wata jimla yana gyara ta da bakinsa, to wannan jimlar ce ba ta zauna ba, kuma yadda ya gyara ta galibi shi ne daidai.

Saura hukumar da ta ba da aikin, wadda jami'anta wataƙila ba sa jin Hausa, kuma suna da haƙƙin sanin abin da za a watsa da sunansu. Abin da ake yi shi ne a juya tsarin: bayan an kammala wasan Hausa, sai a fassara musu shi zuwa Turanci, a haɗa da ɗan bayani a gefe, cewa kaka kan kira jikanta miji a matsayin wasa, cewa kalmar kaka tana da ma'ana biyu, cewa an cire ruwan sama saboda dalili kaza. Wannan fassarar za ta fito a bushe, ba za ta ba su dariya ba, kuma ya kamata a gaya musu haka tun da wuri. Abin da za su duba a cikinta shi ne ko adadin da sunan shirin da shawarar suna nan yadda suka bayar, sa'annan su sa hannu a shiga ɗaukar murya.